Wasiƙar Da Ke Kawo Fanka Kafin Zafi Ya Shigo

Duk mai shagon kayan lantarki a Sabon Garin Kano ya san watannin da fanka ke tafiya. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da bazara ta kankama kuma wutar lantarki ta yi ƙaranci, fanka mai caji ba ta kwana a shago. Yawancin masu shaguna suna sarowa ne daga manyan diloli, a nan Kano ko a kasuwar Alaba ta Legas, su ɗora 'yar ribarsu su sayar. Amma idan ciniki ya yi albarka aka tara jari, wata rana mutum zai dubi kwalin da ke gabansa, ya ga an rubuta ƙirar Caina, ya tambayi kansa me zai hana shi tuntuɓar masu ƙerawar kai tsaye.

Ba abin da zai hana. Masana'antun fanka suna da yawa a lardin Guangdong, musamman a Zhongshan da Foshan, kuma suna neman masu saye. Adireshinsu yana samuwa a jikin kundin hotunan kaya, ko a katin da wani ɗan uwa ya kawo daga baje kolin Canton da ake yi a Guangzhou duk watan Afrilu da Oktoba. Abin da ya rage shi ne wasiƙar farko, kuma a nan ne da yawa ke tuntuɓe. Mutum zai aika saƙo mai layi ɗaya yana tambayar nawa ne fanka. Ma'aikaciyar sashen sayarwa da ke karɓar irin wannan saƙo barkatai kowace rana ba ta da hanyar sanin ko mai tambayar da gaske yake. Ko dai ta yi shiru, ko ta turo masa kundi mai cike da hotuna da farashi guda wanda bai faɗi komai ba, domin ba a ce na wace ƙira ne ba, ba a ce na guda nawa ba, ba a kuma ce a ina za a miƙa kayan ba.

Wasiƙa mai amfani tambaya uku take yi: waɗanne ƙira kuke da su, mene ne mafi ƙarancin abin da kuke sayarwa, kuma a wane sharaɗi kayan za su iso. A ganina duka ukun suna hidima ga lissafi guda ne. Mai shago yana son ya san nawa fanka ɗaya za ta tsaya masa idan ta sauka a ƙofar shagonsa, da kuma ranar da za ta sauka. Amsar da ba ta ba shi lambobin da zai yi wannan lissafi ba, komai daɗin kalamanta, ba ta biya bukata ba.

Mu ɗauki misalin mai shago da ke da jarin sayen fanka wajen 300. Ga abin da ya kamata ya zauna ya tsara da Hausa, kafin ɗansa ko wani amintacce ya mayar masa zuwa Turanci mai sauƙi:

"Zuwa ga manajan sashen sayarwa. Bayan gaisuwa, ni ɗan kasuwa ne a Kano, arewacin Najeriya, ina sayar da kayan lantarki na gida, sari da ɗai-ɗai. Ina neman fanka mai caji ta tsaye, inci 16 da inci 18, mai aiki da wutar gida da kuma farantin sola. Wutarmu 230V ce, 50Hz, fuloginmu kuma mai ƙafa uku ne irin na Ingila.

"Ina roƙon ku aiko min da jerin ƙirar da kuke yi yanzu. Ga kowace ɗaya ina son lambar ƙira, irin batirin da ƙarfinsa, wutar da take ci a mafi girman gudu, awa nawa take yi a kowane gudu, irin wayar da aka naɗa injin da ita, girman kwali da nauyinsa, da guda nawa ke shiga kwantena mai ƙafa 20.

"Ku sanar da ni mafi ƙarancin adadin da kuke karɓa, ko na kowace ƙira ne, ko na kowane launi, ko na odar gaba ɗaya, kuma ko za a iya haɗa ƙira biyu a kwantena ɗaya. Odata ta farko za ta kasance tsakanin 300 da 400.

"Ku ba ni farashi iri biyu, FOB tare da sunan tashar da za ku loda, da CFR Apapa, bisa Incoterms 2020, da ranar da farashin zai daina aiki. Ina son sanin kwana nawa ƙerawa ke ɗauka bayan biyan kafin alƙalami, yadda ake biyan kuɗi, kuɗin samfuri guda biyu, ko kun taɓa aika kaya Najeriya kuma kuna da takardar SONCAP, da abin da kuke bayarwa na kayan gyara. Ina son kayan su bar tashar ku kafin ƙarshen Disamba. Ku huta lafiya."

Wasiƙar ba ta kai shafi guda ba, ba ta da doguwar gaisuwa, ba ta kuma yi alkawarin kwantena goma a shekara ba. Wasu suna ganin idan suka kumbura kansu za a rage musu farashi. Masana'anta ta saba jin wannan, kuma idan ta ba da farashin dubu biyar sannan aka dawo aka ce 300 ake so, farashin zai canza, amana kuma ta riga ta yi rauni tun kafin a fara. Gara mutum ya faɗi gaskiyar ƙarfinsa.

Tambayar ƙira ita ce ta fi bukatar haƙuri, domin fanka biyu za su iya zama iri ɗaya a hoto, launi ɗaya, tsayi ɗaya, amma cikinsu ya sha bamban. Abin da ke raba su galibi batir ne. Ana rubuta ƙarfinsa da lambobi biyu, misali 12V 7Ah ko 12V 4.5Ah. Idan aka ninka lambobin biyu ana samun yawan wutar da batirin ke riƙewa: na farko 84, na biyu 54. Sai a raba da abin da fankar ke ci. Fankar da ke cin 25W a mafi girman gudu, da batir na farko za ta yi awa uku da 'yan mintoci a lissafin takarda, da na biyu kuwa awa biyu da kaɗan. A zahiri ma ba za ta kai haka ba, saboda batirin dalma ba a zuƙe shi ƙarƙaf ba tare da ya lalace ba. To idan kundin hotuna ya ce fanka tana yin awa goma, a mafi ƙanƙantar gudu ake nufi. Shi ya sa wasiƙar ta nemi awoyin kowane gudu daban. Mai saye a unguwa da ya kunna fanka a daren Afrilu ba ƙaramin gudu zai saka ba, kuma idan ta mutu masa da ƙarfe ɗaya na dare, shagon da ya saya zai koma da safe, ba Zhongshan ba.

Irin batirin ma yana da tasiri a kan jigila. Na litiyom ya fi sauƙin nauyi, ya fi daɗewa, ya fi tsada, kuma kamfanonin jiragen ruwa da na sama suna ɗaukarsa a cikin kaya masu haɗari, don haka sai an nuna takardar gwajin da ake kira UN38.3 kafin su karɓa. Na dalma ya fi arha amma yana zubar da cajinsa a hankali idan ya daɗe a ajiye, zafi kuma yana ƙara masa saurin lalacewa. Fankar da aka saka wa batirin da ya yi watanni a sito, sannan ta yi wata biyu a hanya, za ta iya isowa da batir mai rauni tun ba a buɗe kwalin ba. Idan magana ta yi nisa, a nemi a rubuta cewa batiran sababbin ƙira ne kuma ranar ƙera su tana jikinsu. Nauyi ma yana tona asiri. Batirin dalma na gaske mai 12V 7Ah yana kai kilo biyu ko ya ɗan wuce. Idan samfuri ya iso aka ɗora batirinsa a sikeli aka ga ya gaza haka sosai, lambar da ke jikinsa ba ta faɗi gaskiya ba.

Sauran tambayoyin wannan sashe gajeru ne. Injin da aka naɗa da wayar jan ƙarfe ya fi jure zafi a kan wanda aka naɗa da alminiyom, farashinsu kuma ba ɗaya ba ne. Fulogi kuwa ƙaramin abu ne da ke iya tsayar da ciniki, domin masana'anta ɗaya tana yi wa ƙasashe da yawa aiki, kuma idan ba a faɗa ba za ta saka wanda ke kusa da hannu. Ɗan kasuwar Maraɗi ko Damagaram da zai rubuta irin wannan wasiƙa mai ƙafa biyu zagayayye zai nema, na Kano kuwa mai ƙafa uku. Lambar ƙira ita ce igiyar da ke ɗaure duk waɗannan bayanai. Daga wasiƙa ta biyu zuwa takardar farashi, zuwa jikin kwali, lambar nan ce za a riƙa ambata, kada a ce "shuɗiyar nan ta shafi na huɗu".

Sai mafi ƙarancin oda, wanda a amsar masana'anta za a ga an rubuta shi MOQ. Mai shago da ya ga an ce 500 ko 1,000 yakan ɗauka wulaƙanci ne ga ƙaramin ɗan kasuwa. Dalilin yana cikin yadda ake aikin. Masana'antar fanka ba ita ke yin komai da kanta ba. Injin daga wani wuri take sayowa, batir daga wani, kwali daga wani, kuma kowannensu yana da nasa mafi ƙarancin adadi. Mai buga kwali ba zai haɗa faranti ya tayar da inji don kwali 100 ba. Na'urar zuba roba idan za a canza mata launi sai an tsayar da ita an wanke, a yi asarar roba da lokaci. Wanda ya fahimci wannan ya san inda zai nemi sassauci. Idan ya yarda da launin da suke yi dama, ya karɓi kwalinsu na gama-gari ba tare da sunan shagonsa ba, ya kuma yarda a ɗan ƙara masa wani abu a kan kowace fanka, sau da yawa adadin yana sauka. Sunansa zai iya bugawa a sitika a Kano ya liƙa da kansa.

Abin da ya sa wasiƙar ta tambaya ko adadin na kowace ƙira ne ko na odar duka, shi ne kalmar 500 tana iya nufin abubuwa uku. Idan na oda ne, mutum zai iya ɗaukar 300 na inci 16 da 200 na inci 18. Idan na kowace ƙira ne, ƙira biyu sun zama 1,000. Idan na kowane launi ne kuma yana son fari da baƙi a kowace ƙira, ya tashi 2,000. Mutane sun sha yin makonni suna ciniki kafin su gano cewa ba abu ɗaya suke nufi da masana'antar ba.

Akwai kuma wani mafi ƙarancin adadi da masana'anta ba ta faɗa, wanda kwantena ce ke yanke shi. Ana auna kayan jirgin ruwa da girman wurin da suka cinye, ma'aunin da 'yan kasuwa ke kira CBM, wato wuri mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da tsayi. Kwantena mai ƙafa 20 tana da wajen 33 a lissafi, amma abin da ke shiga a aikace kusan 28 ne, domin kwalaye ba sa cike kowane lungu. Doguwar mai ƙafa 40 mai tsayin rufi tana ɗaukar kusan 68. A ce kwalin fankar da mai shagonmu ya zaɓa 0.07 ne. Fanka 300 za su cinye 21, ƙaramar kwantena kuwa za ta ɗauki 400. Yanzu yana da zaɓi biyu. Zai iya ba da kayansa a haɗa da na wasu a kwantena ɗaya, a caje shi bisa kowane CBM. Wannan hanya tana da kyau ga mai kaya kaɗan, amma da zarar kaya sun wuce rabin kwantena, kuɗin haɗakar yakan kamo na kwantena sukutum ko ya wuce shi, ga kuma yawan sauke-lodi da ke fasa kwalaye. Ko kuma ya ɗauki kwantena ya biya kuɗin wurin da bai cika ba. Shawarar da ta fi ita ce ya nemi maƙwabcin shago da zai ɗauki 100 ɗin da suka rage, su cika 400, kowa ya biya dako gwargwadon kayansa. Da bai tambayi girman kwali a wasiƙar farko ba, da bai san wannan ba sai bayan ya biya kuɗi.

Tambaya ta uku ita ce wadda ta fi cinye dukiyar mutane, domin haruffa uku da ke gaban farashi suna canza ma'anarsa gaba ɗaya. Waɗannan haruffa suna cikin ƙa'idojin da ake kira Incoterms, waɗanda Cibiyar Kasuwanci ta Duniya da ke Paris ta fara fitarwa a 1936, kuma bugun da ake aiki da shi yanzu na 2020 ne. Guda 11 ne, amma uku sun ishi mai shagonmu. EXW yana nufin farashin kaya a ƙofar masana'anta. Mota zuwa tashar jirgi, takardun fitarwa a kwastan ɗin Caina, lodi, duk a wuyan mai saye. FOB yana nufin masana'anta za ta kai kayan tashar da aka ambata, ta yi takardun fitarwa, ta ga an ɗora su a jirgi, daga nan mai saye ya karɓa. CFR kuwa FOB ne da aka ƙara masa kuɗin jirgi har zuwa tashar da aka ambata a wannan gefe.

A ce wasiƙar ta je wa masana'antu uku, kuma duka sun amsa a kan fanka mai kama ɗaya, guda 400. Lambobin nan na misali ne don a ga yadda ake lissafin, domin kuɗin jirgi yana hawa yana sauka. Ta farko ta ce dala 22 EXW. Ta biyu ta ce dala 24 FOB Nansha. Ta uku ta ce dala 29 CFR Apapa. Ido zai tafi kan 22. Mai shago ya tambayi kamfanin jigila, aka ce masa ɗauko kaya daga masana'anta da yi musu takardu har su hau jirgi dala 900 ne, kuɗin jirgi zuwa Apapa kuma dala 2,400. Idan aka raba 900 gida 400, kowace fanka ta ɗauki dala 2.25, idan aka raba 2,400 kuma ta ɗauki dala 6. Fankar farko ta zama 30.25 a Apapa, ta biyu 30, ta uku tana nan a 29. Wadda ta fi tsada a takarda ita ce ta fi arha a tashar Legas.

Amma akwai abu biyu da mai karɓar CFR ya kamata ya sani. Na farko, duk da masana'anta ce ta biya jirgi, haɗarin kaya yana komawa kan mai saye tun daga lokacin da aka ɗora su a jirgi a Caina. Idan ruwa ya shiga kwantena a teku, asarar tasa ce, inshora ce kawai za ta fid da shi. Wannan ne ma dalilin da ya sa wasiƙar ba ta nemi CIF ba, wato farashin da ya haɗa da inshora: a Najeriya ana bukatar a yi wa kayan da za a shigo da su inshora a kamfanin cikin gida, kuma banki zai nemi takardar. Na biyu, tunda masana'anta ce ta zaɓi jirgin, ya kamata a tambaye ta wane kamfani ne, da kwana nawa ya bayar kyauta kafin ya fara cajin kuɗin jinkirin mayar da kwantena. Mai kai kaya Kano yana bukatar kwanaki fiye da mai shago a Legas, domin sai kwantenar ta hau arewa ta dawo, sai dai idan an sauke kayan a Legas an zuba a wata mota.

Isa Apapa ma rabin lissafi ne. Mu ɗauki farashin dala 30, wato 12,000 a kan fanka 400. Jadawalin harajin kwastan na ECOWAS yana da matakai biyar, 0 da 5 da 10 da 20 da 35 cikin ɗari, kuma kayan amfani da aka gama ƙerawa yawanci a 20 suke faɗawa. Idan a nan fankar ta faɗa, harajin ya zama 2,400. Harajin VAT na kashi 7.5 ana ɗora shi ne a kan kuɗin kaya haɗe da harajin, ya kama wajen 1,080. A ce inshora, sauran ƙananan haraji, kuɗin tasha, ladan ejan mai fitar da kaya da motar Kano sun tashi 2,520. Jimla 18,000, wato dala 45 kowace fanka. Abin da aka gani a 24 ya kusa ninkawa kafin ya taɓa ƙasar shago. Wannan 45 ɗin, bayan an mayar da ita naira a farashin ranar, ita za a gwada da farashin dilan Alaba. Idan bambancin ɗan kaɗan ne, ni dai ina ganin mutum ya ci gaba da saro a gida, domin zai kulle jarinsa wata uku ko huɗu, ya kuma ɗauki haɗarin canjin kuɗi a kansa. Wasiƙar da ta nuna masa haka kafin ya tura sisi ta yi aikinta.

Tambayar SONCAP da ke cikin wasiƙar tana da dalili biyu. Kayan lantarki suna cikin waɗanda hukumar kula da ingancin kaya ta Najeriya, SON, ke bukatar a gwada kafin su shigo. Mai shigo da kaya da sunansa yana buɗe Fom M ta bankinsa kafin a loda kayan, da takardar farashin masana'anta, da ta inshora, da takardar ingancin kayan, sannan kwastan su fitar da takardar PAAR da za a biya haraji da ita. Masana'antar da ta taɓa aika kaya Najeriya ta san wannan tsari kuma ba za ta loda ba sai an ba ta lambar fom ɗin. Wadda ta tambayi mene ne SONCAP ta nuna cewa tare za a koyi aikin, da kuɗin mai shago. Wanda ba shi da rajistar kamfani da lambar biyan haraji, ko kayansa kaɗan ne, yakan bi ta kamfanonin dakon kaya da ke Guangzhou, masu karɓar kaya a sitonsu su miƙa a Legas ko Kano a kan farashi guda. Idan wannan hanya zai bi, sai ya canza layi ɗaya a wasiƙar, ya nemi farashin kai kaya zuwa sito a Guangzhou.

Idan amsa ta zo, a duba ko an bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya. Wanda ke ƙera fanka da gaske ya san girman kwalinsa da adadin da ke cika kwantena ba tare da ya je tambaya ba. Wanda ya amsa komai da "babu matsala" bai ba da lamba ko ɗaya ba, ko kundinsa ya haɗa fanka da takalmi da tukwane, mai yiwuwa dillali ne. Dillali ba laifi ba ne, wani lokaci ma shi ke yarda da ƙaramar oda, amma a san da wa ake magana. A nemi hoton lasisin kasuwancinsu, a tabbatar sunan da ke jikinsa shi ne a takardar farashi, shi ne kuma a asusun banki. Tsarin biya da aka saba shi ne kashi 30 kafin a fara aiki, 70 idan an gama, kuma yana da kyau a sami wanda zai je ya buɗe kwalaye ya duba kafin a tura cikon. Idan ana tsakiyar ciniki saƙo ya shigo cewa an canza asusun banki, kada a tura komai sai an kira mutumin da aka saba magana da shi a lambar da aka sani tun farko. Wannan tsohuwar hanyar damfara ce, kuma kuɗin da ya tafi ta nan da wuya ya dawo. Mai kiran waya ya tuna Caina tana gaban Najeriya da awa bakwai, ƙarfe tara na safe a Kano ƙarfe huɗu na yamma ne a Guangzhou.

Layin ƙarshe na wasiƙar, wanda ya ce kaya su bar tasha kafin ƙarshen Disamba, daga lissafin baya-baya ya fito. Ana son fanka ta kasance a shago a ƙarshen Fabrairu. Fitar da kaya daga tasha da kawo su Kano yakan ci mako biyu zuwa uku idan takardu sun cika. Tafiyar teku daga kudancin Caina zuwa Legas wajen wata ɗaya da rabi ce. Ƙerawa kusan wata guda. Wato kafin alƙalami ya kamata ya fita a tsakiyar Nuwamba. Kafin nan kuma akwai musayar wasiƙu, da jiran samfuri, da gwada shi 'yan kwanaki a shago da agogo a hannu, da takardun banki, ga hutun mako guda da Caina ke yi a farkon Oktoba. Babban abin da ke ɓata lissafi shi ne bikin sabuwar shekararsu, wanda ke faɗawa tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu. Masana'antu suna rufewa makonni, ma'aikata suna tafiya garuruwansu, wasu ba sa dawowa da wuri, kuma gab da hutun wurin jirgi yana ƙaranci, kuɗinsa ya hau. Odar da ba ta hau jirgi kafin hutun ba za ta iya isowa Kano a watan Mayu ko Yuni, damina ta fara sanyaya gari, fanka 400 su zauna a sito batiransu na mutuwa har wata bazarar.

Saboda haka mai son sayar da fankarsa a Maris, ya zauna ya rubuta wasiƙarsa a Satumba, ya aika wa masana'antu uku ko huɗu a rana ɗaya da kalmomi iri ɗaya, domin amsoshin su yi daɗin gwadawa.